Danna Boost ko Shirya Kamfe: Yaushe Ƙaramar Sana'a Za Ta Fara Biyan Kuɗin Talla?

Duk mai shafin kasuwanci a Facebook ko Instagram ya san shuɗin maɓallin nan da ke ƙarƙashin kowane hoto da ya ɗora, mai ɗauke da rubutun Boost post. Wani lokaci ma manhajar ce da kanta take zuga mutum, ta nuna masa cewa wannan hoton ya fi sauran karɓuwa, ya ɗan sa kuɗi kaɗan dubban mutane su gani. Masu sayar da atamfa da leshi, da masu turaren wuta, da masu takalma da jakunkuna, da yawansu sun danna. Sun biya dubu biyar ko goma, sun ga layik yana ta zuba, amma har kuɗin ya ƙare ba su ji ƙarar alat ko ɗaya ba. Daga nan sai baki ya rabu biyu. Wasu su ce tallan intanet damfara ce kawai. Wasu kuma, musamman matasan da suka ɗan yi kwas a kan harkar, su ce ai laifin bustin ne, da an shiga Ads Manager an shirya kamfe na gaske da an sha mamaki. Duka maganganun biyu suna neman gyara.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, bustin ma talla ce ta sosai. Kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ba shi da wani layi na daban da yake ajiye masu bustin a ciki. Duk sa'ad da wani ya buɗe manhajar yana jan allo da yatsa, akwai guraben talla a tsakanin hotunan 'yan'uwa da abokai, kuma a kan kowane gurbi ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin duk masu son wannan mutumin ya ga hajarsu. Mai bustin ɗin dubu biyu da bankin da ke kashe miliyoyi, gwanjo ɗaya suke shiga. Kuma ba wanda ya fi taya kuɗi ne kullum yake ci ba. Abu uku ake haɗawa: abin da mai talla ya taya, da hasashen na'ura a kan ko wannan mutumin zai yi abin da ake so ya yi, da kuma ingancin tallar, wato ko mutane suna tsayawa a kanta ko suna ɓoye ta suna kai ƙararta.

Na biyun nan shi ne asirin harkar duka. Na'urar Meta ta san halin masu amfani da ita fiye da yadda muke zato. Ta san waɗanda aikinsu danna layik ga duk abin da ya gifta, ta san masu kallon bidiyo har ƙarshe, ta san masu shiga akwatin saƙo su tambayi farashi. Kamar yaron aike take, mai ƙwazo amma mara tambaya: abin da aka aike shi, shi zai kawo, ko da ba shi ake bukata ba. Wanda ya ce mata yana son mutane su yi hulɗa da hotonsa, za ta nemo masa gwanayen layik da “masha Allah” a kwament, don su ne mafi araha. Ba ta cuce shi ba. Abin da ya saya ke nan.

To mene ne bambancin hanyoyin biyu? Bustin gajeriyar hanya ce. Ka ɗauki abin da ka riga ka ɗora a shafinka, ka zaɓi manufa daga 'yan zaɓuɓɓuka kaɗan, kamar ƙarin saƙonni ko ƙarin masu ziyartar shafi, ka faɗi wurin da kake so a gani, ka sa kuɗi da adadin kwanaki, shi ke nan. Minti biyar ya isa. Shi kuwa Ads Manager, wanda ake shiga ta kwamfuta ko ta manhajarsa ta waya, hawa uku gare shi. A hawa na sama, Campaign, ake zaɓar manufa daga guda shida: Awareness, Traffic, Engagement, Leads, App promotion da Sales. A na tsakiya, Ad set, ake faɗin su wa za su gani, a wane gari, nawa za a kashe a rana, kuma ina za a kai mutum idan ya danna. A na ƙasa, Ad, ake sa hoton ko bidiyon da rubutun da ke tare da shi. Amfanin wannan rabe-raben shi ne mutum zai iya gwada bidiyo biyu ko uku a gaban jama'a iri ɗaya ya ga wanda ya fi, zai iya bin sawun waɗanda suka taɓa yi masa magana, kuma zai ga lissafin kowace naira dalla-dalla. Ga mai ƙaramar sana'a, waɗannan ukun su ne ribar wahalar koyonsa. Sauran maɓallan da ke cikinsa, mafi yawansu ba nasa ba ne tukuna.

Amma kafin a zo kan wace hanya za a bi, akwai tambayar da ta riga ta, kuma ita ce aka fi tsallakewa: shin sana'ar ta isa a kashe mata kuɗin talla? Ba a amsa wannan da jin jiki ko da ganin maƙwabciya tana yi. Da biro da takarda ake amsawa.

Mu ɗauki misali, kuma lambobin da zan kawo na misali ne, kowa ya cire su ya sa nasa. Wata mata ce a Kano, tana saro atamfa a Kantin Kwari tana sayarwa daga gida ta Instagram da WhatsApp. Turmi ɗaya tana saro shi naira 14,000, ta sayar 18,000. In aka tambaye ta za ta ce ribarta 4,000 ce. Amma akwai leda da kwalin da take naɗe kayan, a ce 300, kuma sau da yawa takan cika wa kwastoma kuɗin mai kai kaya ko ta yi ragi in an matsa da ciniki, a ce 700. Abin da ya rage mata na gaskiya 3,000 ne. Wannan ita ce lamba ta farko, kuma ita ce rufin da kuɗin samo mai saye ɗaya ba zai wuce ba. In ya wuce, kowane turmi da ta sayar asara ce, ko da alat yana ta shigowa.

Lamba ta biyu tana cikin wayarta, ba sai ta biya kowa ba. Ta koma saƙonnin wata biyu da suka wuce ta ƙirga baƙin da suka yi mata magana, ba dangi da ƙawaye ba, sannan ta ƙirga nawa ne a cikinsu suka turo kuɗi. Duk mai wannan sana'a ta san yadda zancen yake tafiya. “Salamu alaikum Hajiya, nawa ne wannan?” A faɗa. “Babu ragi?” A ɗan rage. “To bari in yi shawara da maigida.” Shiru ke nan har abada. A ce cikin kowane mutum goma, ɗaya ne yake saye. Ke nan kowace hira da baƙo darajarta 300 ce a wurinta, wato 3,000 a raba goma. In Meta tana kawo mata mai tambaya ɗaya a kan naira 300, ta yi aikin banza: ba riba, ba asara, ga ciwon yatsa. In tana so rabin ribar ya zauna a hannunta, sai kowace hira ta tsaya mata a kan 150 ko ƙasa da haka.

Wanda bai san waɗannan lambobi biyu ba, bai isa fara biyan talla ba, ko ta bustin ko ta kamfe. Ba don zai yi asara dole ba, a'a, don ko ya ci riba ko ya faɗi ba zai gane ba. Kuma lamba ta biyun ba ta samuwa sai an riga an sayar wa baƙi ba tare da talla ba. A nawa ganin, sana'ar da har yanzu 'yan'uwa da abokan arziki ne kaɗai masu sayenta, ta ci gaba da ɗora kaya a shafi da sitatus kyauta, har ta ga mutanen da ba su san ta ba suna saye, wasu ma suna dawowa. Talla ba ta mayar da kayan da ba a so su zama abin so. Abin da ke tafiya take ƙara wa gudu.

Lissafin nan kuma yana nuna waɗanda tallar kuɗi ba ta dace da su ba tun asali. Mai sayar da abin da ribarsa naira 300 ce, kamar robar zoɓo ko kunun aya, hira ɗaya za ta cinye ribar ciniki ɗaya, kuma ba kowace hira ce ciniki ba. Sai fa in tallar za ta nemo mata masu odar biki ko suna, inda ciniki ɗaya yake kai robobi ɗari. Haka wadda kowane zane guda ɗaya tak gare ta: ta biya kuɗi mutum hamsin su tambayi leshi ɗaya, na farko ya ɗauka, sauran arba'in da tara a ce musu ya ƙare. Haka kuma wanda ba shi da lokacin amsa saƙo. Wanda ya danna talla ya yi sallama, a wannan lokacin yake da sha'awa. In sai bayan isha za a amsa sallamar da aka yi da hantsi, ya riga ya ga tallar wasu biyar. Kuɗin kuma kada ya zama na bashi ko na zubin adashi ko na uwar kuɗi. Ya zama abin da in ya tafi bai dawo ba, gobe za a iya shiga kasuwa a yi sari kamar yadda aka saba.

A ce mai atamfar nan ta cika sharuɗɗan. Ta ina za ta fara? A nan ne nake saɓa wa masu cewa bustin asarar kuɗi ce ko ta yaya aka yi shi. In tana da wani bidiyo da ya riga ya jawo tambayoyi da kansa, ta yi masa bustin na kwana biyar ko bakwai, ta zaɓi manufar ƙarin saƙonni, ta taƙaita shi ga Kano da kewaye inda mai kai kayanta yake iya zuwa. Wannan zai ba ta lamba ta uku: nawa Meta take sayar mata da hira ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar zaɓin da manhajar ta fara nunawa ba a duba ba, a sa Najeriya gaba ɗaya don ganin adadin da za a kai ya yi yawa, sannan a zuba kuɗin duka cikin kwana ɗaya. Sakamakon shi ne tambayoyi daga garuruwan da kuɗin webil zuwa can ya kusa cinye ribar, da ɗimbin layik daga mutanen da ba su da niyyar sayen ko ƙyalle.

Akwai 'yan abubuwa uku na aljihu da suka shafi bustin. Tun daga 2024, wanda ya yi bustin ta cikin manhajar Facebook ko Instagram a wayar iPhone yana biyan ƙarin kashi 30 cikin ɗari, wanda ke tafiya wurin kamfanin Apple. Hanyar kauce masa ita ce a buɗe facebook.com ko instagram.com a burauza a yi daga can. Sannan tun farkon 2022 Meta tana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan da ake biya daga Najeriya, don haka wanda ya ware 10,000, naira 10,750 za ta fita. Na ukun ya shafi masu son ɗora waƙar da ake yayi a kan bidiyon kayansu: bidiyon da ke ɗauke da kiɗan da wani ke da haƙƙin mallakarsa, sau da yawa manhajar ba ta yarda a yi masa bustin. Muryar mai kayan tana bayani ta fi waƙar amfani ma.

Lokacin ƙaura zuwa Ads Manager yana zuwa ne idan bustin ya nuna cewa lissafin yana fita, kuma kashe kuɗin ya zama na kowane mako. A lokacin ne rashin iya kwatanta talla da talla yake fara cin kuɗi. Ga yadda mai atamfar za ta shirya kamfenta na farko. Ta haɗa lambar WhatsApp Business ɗinta da shafinta na Facebook. A Campaign ta zaɓi Engagement, a Ad set ta nuna cewa saƙo take so, kuma a kai mutane WhatsApp. Wuri: Kano, da da'irar kilomita ashirin da biyar. Mata, daga shekara 25 zuwa 55. Ba sai ta cika akwatin sha'awace-sha'awace da kalmomi goma sha ba; a gari ɗaya, yawan tacewa yana ƙuntata jama'ar ne, farashi ya hau. Kuma Ad set ɗaya ya ishe ta, kada ta raba ɗan kuɗin gida huɗu.

Dalilin haka shi ne abin da Meta ke kira Learning phase. Duk sabuwar talla, na'urar tana fara ta ne da lalube, tana nuna wa mutane iri-iri don ta gano waɗanda ke amsawa. A ƙa'idar Meta, tana bukatar sakamako kusan 50 cikin mako ɗaya kafin ta daidaita. In ba ta samu ba, sai a ga an rubuta Learning limited, farashi kuma ya yi ta hawa da sauka. Daga nan ake fitar da kasafin kuɗi, ba daga ka ba. In bustin ya nuna mata hira ɗaya tana kamawa wajen 200, hira 50 ta zama 10,000 a mako, wato kusan 1,500 a rana. Gwajin mako biyu zai ci 21,000, da haraji 22,575. In ba za ta iya ware wannan ba tare da ta taɓa jari ba, ta ci gaba da ƙaramin bustin abinta, babu laifi. Kuma da zarar ta kunna, ta ɗaure hannunta. Sauya jama'ar da ake nufi, ko sauya bidiyo, ko ninka kuɗi farat ɗaya, kowannensu yana iya mayar da na'urar farkon lalube. Mutane da yawa suna kashe tallarsu ne da yawan taɓawa: a kunna da safe, a ga shiru da azahar, a sauya komai da la'asar. In ta ga wata rana an kashe fiye da 1,500 kada hankalinta ya tashi, Meta takan wuce kasafin rana in ta ga dama mai kyau, amma a mako ba ta wuce ninki bakwai na abin da aka sa.

A cikin Ad set ɗin ta sa talla biyu. Ta farko hotuna ne masu kyau na zannuwa a jere, da rubutun “sababbin kaya sun iso, a tuntuɓe mu”. Ta biyu bidiyo ne na daƙiƙa ashirin da aka ɗauka a tsakar gida da hasken rana: hannu yana warware turmin, yana murza shi a ga kaurinsa, a juya bayansa a ga rinin ya ratsa, murya tana cewa turmi 18,000, ana kaiwa ko'ina a cikin Kano, kuma farashin yana rubuce a kan allon. Kowace talla ta ba ta saƙon farko na daban, wanda zai fito a rubuce idan mutum ya danna, don ta san ta inda kowa ya shigo. Sai ta ajiye littafi, ko ta yi amfani da alamomin da WhatsApp Business yake bari a liƙa wa kowace hira: wanda ya tambaya, wanda ya yi oda, wanda ya biya.

Bayan mako biyu ta buɗe lissafi. Talla ta farko ta ci 12,600, ta kawo hira 90, kowace a kan 140. Ta biyu ta ci 8,400, ta kawo hira 30 kacal, kowace a kan 280. Duk wanda ya tsaya a shafin Cost per result zai ce ta farko ce gwana, kuma ita kanta na'urar can ta karkata kuɗin, tunda hira aka ce ta kawo. Amma littafin ya ce wani abu daban. Cikin mutum 90 na farko, biyar ne suka saya, mafi yawansu “nawa?” kawai suka zo tambaya, da suka ji suka tafi. Cikin 30 na biyu, shida suka saya, domin sun riga sun ga farashin kafin su yi sallama. Ke nan mai saye ɗaya ya tsaya mata 2,520 ta hanyar farko, 1,400 ta hanya ta biyu, kafin haraji. A kan ribar 3,000, ta farko da kyar ta fid da kanta, ga awannin da aka ɓata wajen amsa mutum 85 da ba su sayi komai ba. Araha ba ta ado. Gaba ɗaya ta sayar da turmi 11, ribarsu 33,000, a cire 22,575, saura 10,425. Ba kuɗin a zo a gani ba ne, amma yanzu ta san wace tallar za ta kashe, wacce za ta bari, kuma ta sami mutum 11 da in sun ji daɗin kayan, sayensu na gaba ba za a biya Meta ko sisi a kansa ba.

Wannan ne abin da Meta ba za ta iya gani da kanta ba idan cinikin a WhatsApp ake ƙulla shi, kuɗin kuma ta banki yake shigowa. Masu shagon intanet inda ake biya kai tsaye suna dasa wata 'yar lamba mai suna Meta Pixel a shafinsu, ta riƙa sanar da na'urar wanda ya saya, su zaɓi manufar Sales. Mafi yawan masu ƙananan sana'o'inmu ba su da irin wannan shagon, saboda haka littafin nan ne idonsu. Ina kuma jan hankali a kan saurin yanke hukunci: biyar da shida lambobi ne ƙanana, sa'a tana iya shiga ciki. Kafin a ƙara kuɗi da yawa a sake mako biyu a gani ko abin ya tabbata. In za a ƙara, masu harkar sukan ƙara kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, a jira 'yan kwanaki, a sake dubawa.

Daga nan ne amfanin Ads Manager na biyu yake fitowa. Ana iya haɗa abin da ake kira Custom audience, wato taron waɗanda suka taɓa hulɗa da shafin ko suka kalli bidiyon, har zuwa shekara guda baya, a nuna musu talla su kaɗai idan sababbin kaya sun iso. Waɗannan sun riga sun san fuskar shagon, shawo kansu ya fi sauƙi. Sai dai taron ya yi ɗan kauri kafin abin ya yi amfani. Shafin da mutum ɗari biyu suka taɓa leƙawa ba shi da abin bi. Akwai kuma shafin Frequency, mai nuna sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar. In lambar tana hawa ta wuce uku ko huɗu, farashin hira ma yana hawa tare da ita, to jama'ar sun gaji da bidiyon. Maganinsa sabon bidiyo, ba ƙarin kuɗi ba. In kuwa mutane da yawa suna gani amma ba sa dannawa, matsalar tana jikin hoton ko farashin. In suna dannawa suna magana amma ba sa saye, matsalar ta bar hannun Meta, ta koma kan yadda ake amsa musu, ko kan rashin yarda: shafin da babu bidiyon kaya na gaske, babu shaidar waɗanda suka karɓi saƙonsu, babu unguwar da za a ce ga inda ake, mutum ba zai tura 18,000 ba, da gaskiyarsa kuwa.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin, tunda gwanjo ne. Idan masu talla suka yi yawa, gurbi yana tsada, kamar a ƙarshen shekara da gab da sallah. Ga mai atamfa abin ya fi haka: teloli suna rufe karɓar ɗinki tun sallah da saura, don haka wadda ta bari sai goman ƙarshe na azumi ta fara talla, ta sayi gurbi mai tsada don ta nuna yadi ga mutanen da ba su da inda za su kai shi. Nata gwajin tun kafin azumi ya kamata ya kammala, ta shiga watan da tallar da ta riga ta san tana aiki. Mai takalma da mayafi da kayan yara na kanti, shi ne kwanakin ƙarshen suke yi wa rana.

Wasu kayan kuma ƙa'ida ce take tare su. Meta tana duba kowace talla kafin ta sake ta, galibi cikin kwana ɗaya, kuma tana da tsauri a kan kayan da suka shafi jin daɗin auratayya da maganin da ake cewa yana warkar da cuta kaza. Masu kayan mata da maganin gargajiya su ne suka fi gamuwa da ƙin amincewa, kuma yawan maimaita tallar da aka ƙi yana iya jawo a rufe asusun gaba ɗaya. A gida ma akwai hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, mai iko a kan tallace-tallace har da na intanet, ga kuma NAFDAC a kan abinci da magani da kayan shafa. Mai irin waɗannan kaya ya nemi sani kafin ya sa kuɗi.

Saura maganar masu cewa “kawo in yi miki sifonsa”. Akwai na kirki a cikinsu, kuma biyan wanda ya iya ba aibu ba ne. Amma tallar ta gudana a asusun mai sana'ar, ba a na ɗan aiken ba. A ba shi izinin aiki ta Meta Business Suite, kada a ba shi kalmar sirri, kuma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, domin saƙonnin bogi masu cewa za a rufe shafi in ba a danna wani mahaɗi ba sun raba mutane da yawa da shafukansu. A raba kuɗin aikinsa da kuɗin da zai shiga tallar, kowanne a san adadinsa. Idan ya zo ba da rahoto ya fara da yawan waɗanda suka gani da yawan sababbin mabiya, a dakatar da shi cikin mutunci a tambaye shi abu biyu: nawa aka kashe, kuma mutum nawa suka yi magana. Sauran lissafin, na waɗanda suka biya, yana cikin littafin mai kaya, kuma shi ne zai faɗi ko za a sake ba shi aiki a wata mai zuwa.